"Hoton Bai Shigo Ba, Kawu": Yadda Ake Neman A Rubuto Saƙo Ba Tare Da An Ɓata Wa Kowa Ba

Wata Talata da hantsi wayata ta yi ƙara. Kawu ne daga gida, wan mahaifiyarmu, wanda a lokacin ake shirin haɗa lefen ɗansa. Da yake a Kano nake zaune, kuma na san mutane a Kantin Kwari, ni aka ɗora wa sayen yaduka. Saƙon nasa layi ɗaya ne: "Ga takardar kayan nan, ka duba ka sayo, motar Juma'a za ta taho da su."

Na duba sama, na duba ƙasa, babu takarda. Rubutun ne kaɗai, ba hoto, ba alamar hoto. Na ce a raina ai yana hanya, yanzu zai shigo. Sai na amsa da abin da duk ɗan da aka yi wa tarbiyya zai amsa wa kawunsa: "To Kawu, in Allah ya yarda."

Laraba ta wuce, hoto bai zo ba. Na yi niyyar tambaya, nauyi ya hana ni. Yaya zan ce wa dattijo abin da ya ce ya turo bai turo ba? Ran Alhamis bayan la'asar sai ga kiransa. Bayan gaisuwa ya ce, "Kayan sun haɗu ko? Direban zai biyo da asuba." Nan na tsaya riƙe da waya, bakina ya mutu. Kunyar da na guje wa ran Talata, a kan magana ta minti ɗaya, ita ce ta dawo mini ran Alhamis ta ninka goma.

Abin da na koya a ranar shi ne, ladabi a irin wannan hali ba ya cikin shiru. Wanda ya turo maka hoto ya sauke nauyi a ganinsa, ya juya ga wasu harkokinsa. Kai kaɗai ka san saƙon ya zo da giɓi. In ka yi shiru, ko ka ce "to" kamar yadda na yi, ka bar shi yana gini a kan iska.

Me ya sa rubutu ke wucewa, hoto ya maƙale?

Amsar tana cikin nauyi. Harafi ɗaya na boko bai wuce bayit ɗaya ko biyu ba, ma'aunin da ake auna data da shi. Saƙo mai haruffa dubu, wanda ya kai sakin layi biyu ko uku, bai fi kilobayit ɗaya da 'yan kai ba. Hoton da wayar zamani ke ɗauka kuwa yakan kai megabayit biyu zuwa biyar, kuma kowane megabayit kilobayit dubu ne. WhatsApp yakan matse hoton kafin ya tura shi, amma ko bayan matsewar ya fi gajeren rubutu nauyi sau ɗari ko fiye. Kamar mai keke ne da mai tirela a kan gadar katako: ɗaya zai wuce fit, ɗaya kuwa sai ya jira.

Haka ta faru da Kawu. A garinmu sabis yana zuwa ne yana ɗaukewa. Lokacin da ya danna turawa, ɗan sabis ɗin da ke akwai ya isa ya fitar da rubutun, hoton kuwa ya tsaya a wayarsa, da'ira tana ta juyawa a kansa. Ya mayar da waya aljihu, ya rufe data don kada ta ƙare, hoto ya kwana biyu a wurin.

A nan ne alamomin WhatsApp suke yaudarar mutane. Ɗan agogo a gefen saƙo yana nufin bai bar wayarka ba tukuna. Alama ɗaya mai ruwan toka, ya fita daga wayarka. Alama biyu, ya isa wayar wancan. In suka koma shuɗi, abin da aka ƙara a manhajar a 2014, to an buɗe hirar. Amma kowane saƙo da alamarsa. Shuɗin da Kawu ya gani na rubutun ne, ba na hoton ba. Kuma ko da alamar hoto ta yi shuɗi, ba shaida ba ce cewa ya buɗu sarai a wancan gefen, domin mutum na iya buɗe hira ya tarar da hoto dishi-dishi da kibiya a tsakiyarsa, ya yi ta dannawa ya ƙi sauka. Mai turawa yana ganin shuɗi yana cewa an gani. Mai karɓa yana kallon hazo.

Akwai kuma mantuwa zalla. Mutum ya rubuta "ga shi nan", wani ya yi masa sallama, ya tura rubutun bai haɗa hoton ba. Wannan ya fi yawa a imel. Gmail yakan tunatar da wanda ya rubuta kalma irin "attached" da Turanci alhali bai maƙala komai ba, amma wanda ya rubuta "ga takardar nan" kada ya dogara da wannan tunatarwa.

Fara duba naka gefen

Kafin ka ce wa kowa komai, ba wa wayarka minti biyu. Ba ƙaramin abin kunya ba ne ka sa babba ya yi ta sake turawa, daga baya a gano matsalar a hannunka take.

Abu na farko, kalli abin da ke gabanka da kyau, domin "bai shigo ba" iri biyu ne. In babu ko alamar hoto, to bai baro can ba, ko ba a haɗa shi ba, kuma babu abin da za ka iya yi daga nan. In kuwa akwai hoton dishi-dishi da kibiya, to ya zo bakin ƙofa, saukewa ce ta rage. Danna kibiyar. Mutane da yawa sun kashe saukar hotuna kai tsaye don tattalin data, a wurin da aka rubuta Media auto-download a cikin Storage and data, sannan suka manta sun kashe.

In ka danna ya nuna Download failed, abubuwa uku ne suka fi jawo haka. Ko datarka ta ƙare, ko sabis ya yi rauni. Ko ma'ajiyar wayar ta cika da bidiyoyin zaurukan da kake ciki, babu inda hoton zai zauna, sai ka goge wasu. Ko kuma kwanan wata da agogon wayar sun rikice, kamar yadda yake faruwa idan batir ya mutu ya daɗe, kuma WhatsApp ba ya sauke kaya idan kwanan wata ba daidai yake ba. Gyara waɗannan ka sake gwadawa sau ɗaya ko biyu.

In ya ƙi, kada ka tsaya kokawa da shi har yamma. Ka san abin da za ka faɗa yanzu, kuma za ka faɗe shi da gaskiya: "bai shigo ba sam" ko "ya shigo amma ya ƙi buɗewa". Bambancin yana da amfani ga wancan, domin na farko zai sa ya duba wayarsa ya ga hoton a maƙale, na biyu kuwa zai nuna masa sake turo hoton ba lallai ya warware komai ba.

Hausa ta riga ta tanadi hanya

Abin da ya ba ni tsoro ran Talata shi ne kada maganata ta yi kama da tuhuma. Da na natsu na yi tunani, sai na ga harshenmu ya daɗe da warware wannan. Dubi jimloli biyun nan:

"Ba ka turo hoton ba."

"Hoton bai shigo ba."

Labari ɗaya suke bayarwa, amma ta farko ta ɗora yatsa a ƙirjin mutum, ta biyu kuwa ta ɗora a kan hoton. Hoto ba ya jin haushi. Haka muke yi a gida tun fil azal: ba a cewa baƙo ya fasa kofi, sai a ce kofi ya fashe. Kuma jimla ta biyun ta fi gaskiya, domin kai ba ka san abin da ya faru a can ba. Wataƙila ya tura, hanya ce ta riƙe. Abin da ka sani tabbas shi ne abin da allon wayarka ya nuna, to tsaya a kansa.

Sai kuma ɗan ƙaramin "a" ɗin nan da muke amfani da shi idan ba ma son nuna mutum kai tsaye. "Rubuto mini" umarni ne, ya dace da ƙaninka. "A rubuto mini" roƙo ne, kuma yana da wata fa'ida ta daban: bai ce dole shi dattijon ne zai rubuta ba. Ya bar masa ƙofa ya miƙa wa wani yaro wayar ba tare da ya ce bai iya ba. In ka ƙara "daure" ko "taimaka", kamar "a daure a rubuto mini", ka amsa cewa aiki kake ƙara wa mutum, kuma ka san da haka.

Saƙo mai kyau yana da gaɓoɓi huɗu bayan gaisuwa. Ka faɗi abin da ya iso, don ya san ba dukan saƙon ne ya ɓata ba. Ka faɗi abin da bai iso ba, ba tare da neman mai laifi ba. Ka faɗi ainihin abin da kake so a rubuto. Sannan ka ba da dalili a taƙaice, wanda zai nuna don aikinsa ya yi kyau kake tambaya. Ga wanda ya kamata in tura wa Kawu tun ran Talata:

"Salamu alaikum Kawu, barka da hantsi, ya mutanen gida? Na ga saƙonku na maganar kaya, sai dai hoton takardar bai shigo wayata ba, ina jin sabis ne. Don Allah in ba damuwa a rubuto mini sunayen kayan da adadin kowanne, ko in kira ku bayan azahar ku karanto mini in rubuta. Ina so in shiga kasuwa gobe da safe don kada a makara. Allah ya ƙara girma."

Bai kai kalma saba'in ba. Babu "ba ku turo ba", babu dogon ban haƙuri. Ban haƙuri sau ɗaya ado ne, amma in ya yi yawa sai ya binne buƙatar, mutum ya karanta har ƙarshe bai gane me ake so ya yi ba. Ga kuma abin da ya fi kowanne daraja a cikin saƙon: tayin kira. Kai ne ƙarami, kai ne mai sauƙin hannu a waya, to ɗauki wahalar rubutun a kanka.

Abin da ba ya aiki shi ne gutsuren saƙo. Alamar tambaya uku a jere, ko "ina?", ko "ban gani ba" kawai. Wanda aka tura wa haka zai fara tambayar me ba ka gani ba, ku yi ta kai da komowa, ga shi kuma yana jin kamar an daka masa tsawa.

Kowa da irin maganarsa

Gaɓoɓin ba sa canzawa, rigar da ake sa musu ce take canzawa. Ga shugabanka a wurin aiki, wanda lokacinsa ƙalilan ne, ka rage gaisuwa ka ƙara takamaimai: "Barka da aiki Yallaɓai. Na samu saƙon taron, amma hoton jadawalin bai buɗu a wurina ba. A taimaka mini da rana, lokaci da wurin taron a rubuce, sauran zan karɓa a ofis gobe." Lura ba ka ce ya kwafe maka jadawali duka ba. Abu uku ka nema, waɗanda zai iya rubutawa yana tsaye.

Ga malaminka, "Allah ya gafarta Malam" ya buɗe, sannan ka nemi mafi ƙarancin abin da zai wadatar: sunan littafin da lambar shafi, sai ka je ka nemo da kanka. Ga mace babba da ta turo katin biki: "Hajiya barka da hidima, Allah ya sanya alheri. Katin ya ƙi buɗewa a wayata, a daure a rubuto mini ranar ɗaurin aure da unguwar, kada a yi ba ni." Wannan "kada a yi ba ni" ya mayar da ƙorafi ya zama zumunci.

Ga aboki kuwa, ba sai an sa babbar riga ba. "Mutumina, hotonka ya maƙale a hanya, rubuto min lambar kawai." Tsokana ma tana shiga, muddin kun saba.

Ɗan kasuwa shi ya fi kowa bukatar kiyaye harshe, domin mai saye da aka sa ya ji kamar bai iya waya ba, gobe wani shago zai nufa. "Sannu da ƙoƙari Hajiya, saƙonki ya iso amma hoton bai sauko ba. Ki rubuto mana sunan kayan, launi da guda nawa, yanzu a ware miki."

In a zauren WhatsApp mai mutane da yawa aka turo, jira kaɗan ka gani ko wasu suna amsawa a kan abin da hoton ya ƙunsa. In suna amsawa, matsalar taka ce, sai ka bi wani sa'anka ta gefe ya rubuto maka, ba sai ka tsayar da jama'a ba. In kuwa babba ne ya manta bai haɗa hoton ba, kuma kowa ya yi tsit, bi shi ta keɓe ka sanar da shi. Gyaran da aka yi wa mutum a gaban jama'a, ko da gaskiya ne, yakan bar tabo.

A imel, amsa a kan saƙon da ya turo, kada ka buɗe sabo, don ya ga nasa a ƙasa ya tabbatar da idonsa babu abin da ke maƙale. Ka kuma tuna Gmail ba ya ɗaukar abin da ya haura megabayit 25 a maƙale, sai ya mayar da shi mahaɗin Google Drive, wanda wani lokaci zai ce ba ka da izinin buɗewa. In haka ne, faɗi hakan ƙarara, domin maganinsa daban ne da na mantuwa.

Don me rubutu, ba a sake turo hoton ba?

Mai karatu zai ce, to ai sai a ce ya sake turowa, a huta. Wani lokaci hakan ya isa. Amma hanyar da ta riƙe hoto da safe tana iya riƙe shi da rana, kuma kowane gwaji datar wani yake ci. Rubutu kuwa yana bin ko wace irin hanya. In data ta ƙi gaba ɗaya, tes na ƙaramar waya mai tocila ma zai kai shi. Tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, sai dai akwai wani sirri da ya shafe mu masu rubuta Hausa: da zarar ka sa harafi mai lanƙwasa irin ƙ, ɗ ko ɓ, sai ma'aunin ya faɗo zuwa 70, saƙo ɗaya ya rabu biyu ko uku, kuɗinsa ma haka. Wannan bai shafi WhatsApp ba, tes kaɗai ya shafa.

Fa'ida ta biyu ta fi ta farko. Rubutu ana kwafe shi, hoto kuwa sai an kalla an sake bugawa da hannu, kuma a nan kuskure ke shiga. Lambar asusun banki a Najeriya guda goma ce, lambar waya goma sha ɗaya, a Nijar lambar waya takwas. A rubutun hannu da aka ɗauka a ɗaki mai duhu, 1 da 7 'yan uwan juna ne, haka 3 da 8, haka 5 da 6. Lamba ɗaya ta kauce, kuɗi ya nufi wani gida ko ya ƙi tafiya. In an rubuto maka, dannawa za ka yi ka kwafa ka liƙa, sannan ka duba sunan da bankin ya nuno kafin ka tura. Ga shi kuma bayan wata uku, in kana neman adireshin nan, kalma ɗaya za ka buga a wurin bincike ya fito, maimakon ka yi ta jan ɗaruruwan hotuna.

Amma fa rubutu yana da iyaka, kuma sanin iyakar yana cikin ladabin. Akwai takardun da darajarsu tana jikinsu ne: wasiƙa mai sa hannu da hatimi, takardar shaidar makaranta, takardar fili. Waɗannan hoton ake bukata, sai dai ka ce a rubuto maka muhimman bayanai yanzu, hoton ya biyo baya idan sabis ya samu. Takardar likita ma kada ka sa wanda ba aikinsa ba ya kwafe ta, domin sunayen magunguna suna kama da juna, kuma kuskuren awo ba abin wasa ba ne. A kai takardar kanta wurin mai ba da magani. Hoton rasit na tura kuɗi kuwa, in bai shigo ba, rubutun "na tura" ba ya maye gurbinsa, shi kansa hoton ma ba hujja ba ne. Hujjar tana cikin asusunka, can za ka duba kafin ka saki kaya, kuma kana iya faɗin haka da taushi: "Ba komai Alhaji, bari in duba asusu, da ya faɗo zan sanar da kai."

Haka nan in takardar shafi uku ce, rashin tausayi ne ka ce a bugo maka ita duka da babban yatsa. Zaɓi layukan da kake bukata yau. In kuwa hoton ya zo amma rubutun cikinsa ya dushe saboda matsewa, roƙi a turo shi ta wurin da aka rubuta Document, inda WhatsApp ba ya rage masa kyau, sai dai ka san ya fi cin data.

Sannan ka yi la'akari da wanda kake roƙo. Akwai dattawan da suka fi mu ilimi nesa ba kusa ba, amma da ajami suke rubutu, ko idonsu ba ya ganin ƙananan haruffan waya. Shi ya sa tun farko suka ɗauki hoto. Ce wa irin wannan mutum "rubuto" ba tare da wata mafita ba tamkar tura shi lungu ne. Ba shi zaɓi: saƙon murya, ko kira, ko wani yaro a gida. In lambobi ne za a karanto da murya, a karanta su ɗaya bayan ɗaya, a tsaya bayan kowane uku ko huɗu, kai kuma ka rubuta ka mayar masa ya ji.

Yadda muka ƙare da Kawu

A wayar nan ta Alhamis babu sauran wurin ɓuya. Na ce, "Kawu, ku gafarce ni, hoton takardar bai shigo ba tun ran Talata, ni kuma na yi ta jira ban faɗa muku ba. Laifina ne." Ya yi shiru kaɗan, na ji yana kiran wani jikansa. Yaron ya duba ya ce, "Ga shi nan bai tafi ba, yana ta juyawa." Kawu ya yi 'yar dariya ya ce, "To kai da ka ga haka ai sai ka yi magana. Matambayi ba ya ɓata."

Na ce kada a wahala da hoton, yaron ya rubuto mini. Cikin minti biyar saƙo ya shigo, layi biyar: atamfa 6, shadda 10, leshi 2, mayafi 4, sai sunan wata atamfa da amarya ta nuna tana so. Na kusa cewa "to" a karo na biyu, sai na tuna inda "to" ta kai ni. Na rubuta na mayar: "Kawu, ga yadda na fahimta: atamfa turmi shida, shadda yadi goma, leshi biyu, mayafi huɗu. Haka ne?"

Kira ya biyo baya nan take. Atamfa turmi shida daidai ne, in ji shi, amma shaddar kala biyu ce, yadi goma-goma, fara da ruwan ƙasa. A takardar ya rubuta hakan a gefe da ƙananan haruffa, yaron bai kwafo ba. Da na tafi da abin da aka rubuto kawai, da rabin shaddar zan sayo. Atamfar ma da ban ambaci turmi ba, akwai mai karanta "6" ya ɗauka yadi shida ne, wato turmi ɗaya tak. Wannan shi ne raunin rubutun da aka kwafo daga hoto: lambobi suna tahowa, ma'auninsu da bayanan gefe su zauna a takarda. Maganinsa mayar da karatu. Duk abin da aka rubuto maka mai adadi, kwanan wata ko lambar asusu, sake rubuta shi da kalmominka, ka sa ma'aunin, ka tambaya ko haka ne. Sannan ka yi godiya, domin mutumin ya yi aiki sau biyu.

Kasuwa ta riga ta fara tashi a lokacin. Na roƙi wani mai shago da muka saba ya jira ni, na isa ana kiran magariba, muka auna shadda da hasken waya. Kayan sun bi motar asuba.

Hoton kuwa ya shigo ran Asabar da daddare, lokacin da Kawu ya je cikin gari ya buɗe data. Na buɗe shi na ga takardar a kan tabarma, da rubutunsa mai karkata, da ɗan bayanin shaddar a gefe kamar yadda ya faɗa. Na rubuta masa: "Kawu, hoton ya shigo yanzu." Ya amso da murya, yana dariya: "Ka gaishe shi, ka ce masa kaya sun riga shi zuwa."